Kunne Ba Ya Rubuta Turanci: Kalmomin da Ke Kayar da Masu Neman Aiki

Wata Asabar da hantsi ɗan ƙanwata ya shigo gidana riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa. Ya gama babbar difloma a fannin akanta, ya yi hidimar ƙasa, yanzu kuma ya ga tallar gurbin mataimakin akanta a wani kamfani. A cikin ambulan ɗin akwai takarda biyu. Ta farko ita ce takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ke kira sibi, an buga masa ita a shagon kwamfuta. Ta biyu wasiƙar neman aiki ce, ya rubuta da hannunsa domin haka tallar ta nema.

"Kawu, ka ɗan duba min kafin in kai ranar Litinin," in ji shi.

Na ɗauki jan biro. Ban ma shiga cikin takardar ba na tsaya, domin a can sama, da manyan baƙaƙe masu kauri, an rubuta CURICULLUM VITEA. Kafin in kai ƙarshen takardun biyu na zagaye kalma goma sha ɗaya, takwas a sibi, uku a wasiƙa. Yaron ya yi shiru yana kallon jan tawada, can ya ce: "Amma Kawu, wallahi a gabana aka buga, kwamfutar ba ta ja layi ko ɗaya ba." Gaskiya ya faɗa, ba ta ja ba, kuma akwai dalili. Abin da ya fi damuna shi ne da ya ce ya riga ya kai irin wannan sibi wurare huɗu.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. In ka ba shi littafin shiga da fitar kuɗi zai daidaita maka shi har kwabo. Matsalarsa irin ta yawancinmu ce da muka fara karatu da Hausa: mun saba da rubutun da ke bin kunne. A Hausar boko abin da ka ji shi kake rubutawa. In ka ce "makaranta", wasali huɗu ka furta, huɗun kuma za ka sa a takarda. Turanci ba haka yake ba. William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a shekarar 1476, a daidai zamanin da furucin wasulan Turanci ke sauyawa. Rubutu ya kafu a takarda, baki kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Ga kuma dubban kalmomi da Turanci ya aro daga Latin da Faransanci, kowace ta zo da nata rubutu. Saboda haka rubutun kalmar Turanci asalinta yake nunawa fiye da sautinta. Wanda ya dogara da kunnensa zai yi ta kuskure, ko da ya iya magana da harshen kamar ruwa.

Kalmar da ke saman takarda

*Curriculum vitae* ba ma Turanci ba ce, Latin ce tsantsa. *Curriculum* ta fito daga aikatau *currere*, wato gudu, kuma asalin ma'anarta filin tsere ko hanyar da ake bi a guje. *Vita* rayuwa ce, *vitae* kuma "na rayuwa". In an haɗa su, ana nufin hanyar da rayuwar mutum ta bi. Wanda ya san wannan ya samu abin riƙewa. Harafin *r* biyu ne, kamar yadda yake a *current*, wadda tushensu ɗaya. Harafin *l* ɗaya ne tak. Haruffan kalmar goma ne cif, kuma in ka rarraba ta gaɓa-gaɓa, *cur-ri-cu-lum*, ba inda za ka ɓata. Ɗan ƙanwata ya san akwai harafin da ake ninkawa, sai dai ya ninka wanda ba shi ba.

*Vitae* kuwa da *a* sannan *e* take ƙarewa. Ana juya su ne saboda ido ya saba da *ea* a kalmomi irin su *tea* da *idea*, alhali *ae* baƙuwa ce a Turanci. Hannu sai ya bi abin da ya saba.

Ra'ayina a nan shi ne, babu ma tilas a rubuta wannan kai. Duk wanda ya ɗauki takardar ya san sibi ce. Sunanka cikakke a sama, da lambar waya da adireshi a ƙasansa, ya wadatar, kuma ya fi kyan gani. In kuwa ka fi son ka sa, to ka sa daidai, domin ita ce kalmar farko da ido zai faɗa a kai.

To me ya hana kwamfuta jan layi? Manhajar Microsoft Word, wadda kusan duk shagunan kwamfuta ke aiki da ita, tana zuwa da wani saiti a kunne da ke sa ta tsallake duk kalmar da aka rubuta gaba ɗayanta da manyan baƙaƙe. An yi haka ne domin kada ta riƙa jan layi a ƙarƙashin gajerun sunaye irin su WAEC da NECO. Amma mu kuma duk kanun sibi da manyan baƙaƙe muke rubuta su. Ka ga ke nan wurin da ya fi fitowa fili a takardar shi ne wurin da kwamfuta ba ta dubawa sam. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ka shiga File, ka zaɓi Options, sannan Proofing, sai ka cire alamar da ke gaban Ignore words in UPPERCASE. Daga nan ka danna F7 ta sake bin takardar daga farko. Huɗu daga cikin kurakuran yaron nan a wannan rami suka ɓuya: biyun da ke sama, da RESPONSABILITIES, da ARCHIEVEMENTS.

Wasalin da ba a ji

*Responsibility* haruffa goma sha huɗu ce, gaɓa shida, kuma *i* uku ne a jere a cikinta, kowanne da baƙi a tsakani: *re-spon-si-bi-li-ty*. Babu *a* ko ɗaya. In ka ga *a* a cikin wannan kalma, to an yi kuskure.

Abin da ke jawo kuskuren shi ne, a Turanci wasalin da ba a danna shi ba yakan raunana har ya zama wani ɗan sauti maras kama, ba *a* ba, ba *i* ba. Kunne ba zai gaya maka wanne ne a rubuce ba. Ga kuma kalmar *ability* da kowa ya sani, sai mutum ya ɗauka ita ce aka liƙa a bayan *response*. Ba laifinsa ba ne ƙwarai, domin akwai kalmomi da yawa na sibi da suke ƙarewa da hakan: *accountability*, *reliability*, *availability*. Dabarar ita ce ka koma ga siffar da kalmar ta fito daga gare ta. *Accountable* da *a* take, don haka *accountability*. *Responsible* da *i* take, don haka *responsibility*. Haka *flexible* ta haifi *flexibility*, *eligible* ta haifi *eligibility*. 'Ya ba ta sauya wasalin uwarta.

Akwai wani ma'auni da ke taimakawa, ko da yake ba kullum yake ci ba. In ka cire ɗafa-ƙeyar ka ga abin da ya rage cikakkiyar kalma ce da ke tsayawa da ƙafarta, galibi *-able* ce: *depend*, *accept*, *account*. In abin da ya rage guntu ne maras ma'ana, kamar *poss* ko *elig* ko *vis*, sau da yawa *-ible* ce. *Capable* da *accessible* sun karya wannan doka, saboda haka in ka yi shakka ƙamus ne alƙali.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna da ƙarin dalilin faɗawa wannan tarko. A Faransanci kalmar da *a* take, *responsabilité*, kuma daidai ne a can. Matashin Maraɗi ko Damagaram da ke neman aiki a ƙungiyar agaji mai aiki da Turanci sai hannunsa ya kawo masa rubutun da ya saba da shi tun firamare. Haka abin yake da *adresse* mai *d* ɗaya wadda a Turanci *address* ce, da *professionnel* mai *n* biyu wadda a Turanci *professional* ce, da *indépendant* wadda a Turanci take ƙarewa da *-ent*. Kalmomin da suka yi kama sosai su suka fi cutarwa, domin mutum ba ya ma zargin su.

Jam'in kalmar kuma *responsibilities* ne: *y* ta faɗi, *ies* ta maye gurbinta, kamar yadda *duty* ke komawa *duties*.

*Achievement* ta fi kowace yawan hanyoyin ɓata. Na ga an rubuta *acheivement*, na ga *achievment*, ga kuma ta yaron nan mai *r*. Kowane kuskure da dalilinsa. Na farko juya *i* da *e* ne. Ƙa'idar da ake koya wa yara a makaranta ita ce, in haruffan biyu suna ba da dogon sautin "ii", *i* ce ke gaba, kamar a *achieve* da *believe* da *field*, sai dai in *c* ce ta zo daf kafin su, kamar a *receive* da *receipt*. A *achieve* abin da ke daf da su *h* ce, don haka *i* ta riga. Na biyu yar da *e* ɗin tsakiya ne saboda ba a furta ta. Amma kalmar gini biyu ce, *achieve* da *-ment*, kuma in ɗafa-ƙeya ta fara da baƙi, *e* ɗin ƙarshen uwar kalma takan zauna daram. Shi ya sa ake da *management* da *improvement* da *requirement*. Ka ƙirga *e* uku a *achievement*. In biyu ka samu, ɗaya ta ɓace.

Na uku ya fi ba ni sha'awa. Mu a nan, kamar yawancin Turawan Ingila, ba ma furta *r* a kalmomi irin su *march* da *part*. Mutum ya san akwai *r* ɗin da ake rubutawa ba a ji, sai ya yi ta zarginta har a inda babu ita, ya sa ta don gudun kuskure. Haɗarin wannan shi ne akwai wata kalma ta daban, *archive*, wato adana tsofaffin takardu. In ka rubuta *archieved* kwamfuta ta ja layi, daga cikin gyare-gyaren da za ta miƙo maka akwai *archived*. Ka danna ba ka duba ba, sai sibinka ta ce ka kai burin kamfani ma'ajiyar tsofaffin fayil, maimakon ka cim masa.

Baba da babba

A Hausa ninkin baƙi ana jin sa. Ba wanda zai rikita "baba" da "babba", ko "daba" da "dabba", domin harshe yana daɗewa a kan baƙin da aka ninka. A Turanci kuwa *m* biyu da *m* ɗaya a cikin kalma sautinsu ɗaya ne. Nan ne Bahaushe ya fi shan wahala, domin kayan aikin da ya dogara da shi tun yana yaro ba ya aiki.

Layin farko na wasiƙar ɗan ƙanwata ya ce *I am writting to apply*. Ban san sau nawa na ga wannan kuskure a wasiƙun matasanmu ba, kuma yana zuwa ne a jimlar farko, inda mai karatu bai gaji ba tukuna. *Writing* da *t* ɗaya take. Uwar kalmar *write* ce, a cire *e*, a sa *-ing*. Abin da ke ruɗar mutane shi ne *written* mai *t* biyu. A Turanci ninkin baƙi yakan yi aikin nuna cewa wasalin da ke gabansa gajere ne. A *written* wasalin gajere ne, shi ya sa aka ninka. A *writing* sautin "ai" ne, don haka ba ninki. Bambancin da ke tsakanin *hoping*, fata, da *hopping*, tsalle-tsalle, ke nan.

Ga sauran masu ninki, hanyar da na fi yarda da ita ita ce a warware kalma a ga inda aka yi mata haɗi. *Recommend* haɗin *re-* ne da *commend*, don haka *c* ɗaya, *m* biyu. *Professional* haɗin *pro-* ne da saiwar *fess*, don haka *f* ɗaya, *s* biyu. *Accommodation* kuwa duka biyun take ninkawa, *c* biyu da *m* biyu, haruffa goma sha uku. *Committee* ta ninka uku, amma 'yar'uwarta *commitment* da *t* ɗaya a tsakiya take, saboda *-ment* da baƙi ta fara. In mutum ya rubuta waɗannan biyar a bayan littafinsa ya riƙa kallonsu na mako guda, ya rage kaso mai yawa na jan biron da ake yi masa.

A ƙasan wasiƙar ya rufe da *Your's faithfuly*. Kuskure biyu a kalma biyu. *Yours* ba ta ɗaukar ɗan waƙafin nan na sama, kamar yadda *hers* da *ours* ba sa ɗauka. *Faithfully* kuma *faithful* ce aka ƙara mata *-ly*, sai *l* ta zama biyu. A lura, *full* in ta koma ɗafa-ƙeya *l* ɗaya take rasawa, shi ya sa *successful* da *grateful* suke ƙarewa da *l* guda. Ita *grateful* ɗin ba ta da alaƙa da *great*. Danginta *gratitude* ne. Tun da muna wurin, al'adar wasiƙa irin ta Ingila da muke bi ita ce, in ka buɗe da *Dear Sir* ko *Dear Madam* ka rufe da *Yours faithfully*, in kuwa ka ambaci sunan mutumin ka rufe da *Yours sincerely*. Ita ma *sincerely* kada a yar mata da *e* ɗin da ke gaban *-ly*.

Kalmar daidai a gurbin da ba nata ba

Sauran kurakurai huɗu na sibin su ne suka fi tayar min da hankali, domin ko an gyara saitin kwamfuta ba lalle ta kama su ba. Ga abin da aka buga masa a ƙarƙashin ayyukan da ya yi: *Collecting payments from costumers and reporting to the manger.* Kowace kalma a nan tana cikin ƙamus. Sai dai *costumer* mai ɗinka ko sayar da kayan 'yan wasan kwaikwayo ne. Abokin ciniki, wanda muke kira kwastoma, *customer* ne, *u* kafin *o*. *Manger* kuma komin da dabbobi ke cin abinci a ciki ne. Manaja *manager* ne, da *a* biyu. Da na fassara masa jimlar da Hausa kamar yadda take a rubuce, sai ya dafe kai.

A sashen bayanan kansa an sa MARTIAL STATUS. *Martial* abin da ya shafi yaƙi da soja ne. Wadda ta shafi aure *marital* ce. Haruffan duk ɗaya ne, wuri kawai *i* da *t* suka sauya, shi ya sa ido ke wucewa ta kai ba ya gani. Na tambaye shi ko shi ya faɗa wa mai shagon haka. Ya ce a'a, mai shagon yana da tsohuwar sibi a kwamfutarsa, sunan wani ya goge ya sa nasa. Wannan ita ce hanyar da kuskure ɗaya ke yaɗuwa a unguwa guda: duk wanda ya zo a ɗora shi a kan fayil ɗin, ya biya kuɗi, ya tafi da kuskuren wani.

Na huɗun shi ne *Corp member*. Hukumar hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, sunanta National Youth Service Corps. Kalmar *corps* daga Faransanci take, tana nufin runduna, ba a furta *p* da *s* ɗinta, kuma *s* ɗin ba ta jam'i ba ce. Mutum ɗaya ma *corps member* ne. *Corp* ba tare da *s* ba gajarta *corporation* ce, wato kamfani. Ita kuma *corper* da muka mayar "kofa" maganar baka ce, ba ta shiga takardar neman aiki.

Irin waɗannan tagwaye suna da yawa, amma waɗanda na fi cin karo da su a takardun malamai da ma'aikatan ofis kaɗan ne. Shugaban makarantar sakandare *principal* ne, *principle* kuwa aƙida ce ko ƙa'ida. Kwaleji *college* ce, *collage* hoto ne da aka harhaɗa da gutsattsarin takardu. Sana'ar da mutum ya sa gaba *career* ce, *carrier* mai ɗaukar kaya ne. Ma'aikata *personnel* ne, *personal* kuwa abin da ya shafi mutum shi kaɗai. Sabbin manhajoji kan ja wani layi mai launi daban a ƙarƙashin wasu daga cikin waɗannan, amma wani lokaci su kama, wani lokaci su wuce. Ba abin dogaro ba ne.

Akwai wani rukuni da ya keɓanta da mu, wato kalmomin da Hausa ta ara ta gyara su daidai bakinta. Mun ce satifiket, sai hannu ya so ya fara da *sa*, alhali *certificate* ce. Mun ce sakatare, sai a manta cewa *secretary* ce. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, shi ya sa *n* ke faɗuwa daga *government* da *environment*, kuma maganin nan ma komawa ga uwa ne: *govern* da *environ*, sannan *-ment*. Sai kuma *p* da *f*, waɗanda a bakin Bahaushe sauti ɗaya ne. Wanda zai rubuta *proficient* ko *performance* ya tsaya ya tabbatar kowanne yana mazauninsa. Sunan makarantarka ma kada ka rubuta shi da ka. Ɗauko satifiket ɗinka ka kwafa harafi bayan harafi. Jami'ar Sakkwato, alal misali, a hukumance Usmanu Danfodiyo University ake rubuta ta, kuma a cikakken sunan WAEC kalmar *Examinations* da *s* take.

Wani abin da ba kuskure ba ne amma yakan zama kuskure shi ne bambancin rubutun Ingila da na Amurka, wanda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. *Honours* da *centre* da *programme* na Ingila ne, *honors* da *center* da *program* na Amurka. Makarantun Najeriya da Ghana tsarin Ingila suke bi, kwamfutoci da yawa kuwa da saitin Amurka suke zuwa, sai su ja layi a ƙarƙashin kalmar da take daidai, mai shago kuma ya "gyara" ta. Ka zaɓi duk rubutun, ka shiga Review, sannan Language, sannan Set Proofing Language, ka ɗauki Turancin Ingila. Babban abu dai kada a gauraya biyun a takarda ɗaya.

Wani zai ce, harafi ɗaya ne fa, me ya haɗa shi da iya aiki? Ina fahimtar wannan ƙorafi, kuma na san akwai haziƙan ma'aikata da rubutunsu bai da kyau. Amma a dubi wanda ke zaune gaban tulin takardu, gurbi ɗaya ne a hannunsa, bai san kowa a cikinsu ba. Dalilin rage tulin yake nema. Sibi kuma takarda ce da mai ita ya samu duk lokacin da yake so ya shirya ta, ba a ɗakin jarrabawa aka rubuta ta ba. In mai neman aikin akanta bai ga harafin da ya sauya wuri a takardarsa ba, dole a yi tunanin ko zai ga lambar da ta sauya wuri a takardar kuɗi. Inda kuma ake karɓar takardu ta intanet, sau da yawa ana lalubo su ne da kalma. In an nemi *manager* kai kuma *manger* ka rubuta, binciken zai iya tsallake ka ko da kai ne ka fi kowa cancanta.

Ga yadda muka yi da yaron nan a ranar. Ya koma shagon ya karɓo fayil ɗin a wayarsa, muka buɗe a kwamfutata, muka gyara saitin nan biyu, muka danna F7. Sannan muka buga a takarda, domin ido ya fi ganin kuskure a takarda fiye da a allo. Na ba shi rula ya rufe layukan ƙasa, ya riƙa bin layi ɗaya-ɗaya, kuma na sa ya fara daga kalmar ƙarshe ya yi baya zuwa ta farko. In kana karatu daga farko, hankalinka ma'ana yake bi, yana cike maka abin da babu. In ka juya, ma'ana ta watse, sai kowace kalma ta tsaya ita kaɗai a gabanka. Duk wadda ya yi shakka a kanta ya duba ƙamus, ya karanta har ma'anarta, domin ma'anar ce ke tona asirin irin su *manger*. Shafi biyu sun ci mana kusan minti arba'in. Wasiƙar kuma ya fara rubuta ta a wata takarda daban, muka gyara, sannan ya kwafe ta a tsanake a farar takarda. Na ce masa ya bar su su kwana, gobe da safe ya sake karantawa, sannan ya kai wa wani malaminsa na Turanci ya duba, domin ni ma idona ya riga ya saba da su.

Kirana na farko ga masu shagunan kwamfuta ne. Don Allah ku buɗe tsohon fayil ɗin nan da kuke ɗora wa kowa, ku cire alamar da ke hana duba manyan baƙaƙe, ku gyara kanun sau ɗaya. Yaran da ke zuwa wurinku sun amince da ku ne, wasunsu ma da kuɗin aro suka zo. Kai kuma mai karatu, in kana da sibi a waya ko a cikin ambulan, ɗauko ta yau, kafin wata tallar aiki ta fito ka shiga gaggawa. Fara da kalmar da ke can sama, ka ƙirga haruffanta.